Shiga da latsa ɗaya, fita da wahalar kwana uku: jawabina a zaman matasa na ranar Asabar

Na ga wasu sun baro shayinsu a fada sun taho, to ba zan riƙe ku har ya huce ba.

Bari in fara da wayar mahaifiyata. Kwanakin baya ta ce mini: «Kai da ka yi boko, duba mini wannan abin. Duk sanda ƙanenka ya sa mini kiredi, kafin in kira kowa ya ragu.» Na karɓa na buɗe saƙonni. Ashe kullum da asuba ana cire mata Sefa 50, dala goma kenan, wai kuɗin abonma na waƙar da mai kiranta yake ji. Na tambaye ta ko ita ta nema. Ta ce ita dai wata rana an kira ta, wata murya tana ta magana da Faransanci, ta danna wani abu don ta kashe. Shi kenan, ta shiga. Latsa ɗaya.

Na ce to, a fitar da ita. Saƙon da suke turowa kullum yana cewa an sabunta, amma babu inda ya faɗi yadda ake dainawa. Na buga lambar meni, na bi layi bayan layi. A ƙarƙashin waƙoƙi akwai saye, akwai kyauta ga aboki, akwai canza waƙa, babu tsayarwa. Na kira masu kula da abokan hulɗa, na'ura ta yi ta zagaye da ni, danna kaza, danna kaza, layi ya yanke. Washegari na samu mutum, ya ce an gyara. Da asuba aka sake cirewa. Sai rana ta uku da na taka har ofishinsu aka tsayar da abin. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don maganar ta fi ƙarfin kamfani guda.

Ku yi lissafi tare da ni. Sefa 50 a rana, a wata jaka ɗaya da rabi ne, a shekara Sefa 18,250. A ce, misali kawai, mutum dubu ɗari ne ke cikin irin halinta: Sefa miliyon 5 kenan kowace asuba. Babu wanda zai bar aikinsa ya hau kabu-kabu ya je ya yi layi saboda dala goma, kuma wanda ya tsara abin ya san da haka.

A lokacin na ɗauka sakaci ne, irin namu na «rezo ba kyau». Daga baya na gane cewa wannan wahala sana'a ce, tana da masu koyar da ita da masu auna ta. A 2010 wani Baturen Ingila mai nazarin yadda mutane ke amfani da allo, Harry Brignull, ya ba irin waɗannan dabaru suna mai ma'anar «tsare-tsaren duhu», wato allon da aka zana da gangan don ya sa ka yi abin da ba ka yi niyya ba, ko ya hana ka abin da ka yi niyya. Wanda muke magana a kai yau ya kamanta shi da tarkon kyankyaso, wanda shigarsa ba wuya, fita kuwa babu. Ni dai zan riƙa ce masa tarkon fita.

Zan ba ku misalin da aka fi tona wa asiri, don shi ya je gaban kotu, takardun cikin gida suka fito. Amazon, babban kamfanin sayayya ta intanet na Amurka, yana da abonma mai suna Prime. A Amurka ana biyan dalar Amurka 14.99 a wata. Ku lura, dalar Amurka na ce, kada wani ya lissafa da dalarmu ta Sefa biyar ya ce ai araha ne. Shiga Prime latsa ɗaya ko biyu ne, sau da yawa ma kana tsakiyar biyan kuɗin wani kaya za ka tsinci kanka a ciki. A watan Yuni na 2023 hukumar da ke sa ido kan kasuwanci a Amurka, FTC, ta kai Amazon ƙara, ta kuma bayyana hanyar fitar dalla-dalla: shafi huɗu, latsa shida, zaɓi goma sha biyar.

Ga yadda tafiyar take a wancan lokacin, kafin a canza ta a 2023. Da farko sai ka nemo ƙofar, don ba a gaba take ba. Ka shiga asusunka, ka shiga shafin Prime, ka buɗe wani jeri, a can ƙasa ka ga End Membership, wato «kawo ƙarshen zamana mamba». Duk mai hankali zai ce ya gama. Amma wannan maɓallin ba ya kawo ƙarshen komai, bakin hanyar ne kawai. Shafin da ya biyo baya yana jera maka abin da za ka rasa, kai kaya kyauta, finafinai da sauransu, sannan ya ba ka maɓallai uku: Remind Me Later, a tuna maka daga baya; Keep My Benefits, ka ci gaba da morewa; sai Continue to Cancel, ci gaba da sokewa. Biyu cikin uku suna barinka a ciki. In ka dage, shafi na gaba ya yi maka tayin ragi ko wani tsarin biya, ya sake ba ka maɓallan zama. In ka sake dagewa, shafin ƙarshe ya kawo maka zaɓi biyar, har da dakatarwa na ɗan lokaci, kuma a nan ne kawai ainihin sokewar take. A duk tsawon hanyar akwai ƙananan mahaɗai masu jan ido, in ka taɓa ɗaya sai ya fitar da kai daga layin, ka koma farko.

Yanzu ku ji sunan da ma'aikatan kamfanin suka raɗa wa wannan hanya a tsakaninsu: Iliad. Sunan wata doguwar waƙar Girkawan da ne, a kan yaƙin Troy, yaƙin da aka ce ya ci shekara goma. Mutum ba ya sa wa ƙofar shagonsa sunan yaƙi bisa kuskure. Takardun cikin gida da ƴan jarida suka samu sun nuna cewa bayan an kafa tsarin, akwai lokacin da masu sokewa suka ragu da kashi 14 cikin ɗari a 2017.

Ku riƙe wannan adadin, don ta wurinsa za ku ga yadda abin ke aiki. Kamfani irin wannan ba ya zana allo da ka. Yana raba mutane gida biyu, rabi ya nuna musu maɓallin sokewa babba a sama, rabi ya nuna musu ƙarami a ƙasa, ya ƙirga su wa suka fi fita. Wanda ya fi riƙe mutane shi ake bari, gobe a sake gwada wani. Kowane shafi da aka ƙara, wasu za su faɗi a hanya: wani yaro ya yi masa kuka, wani caji ya ƙare, wani ya ɗauka ya riga ya gama ya rufe. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni haushi, don yana tafiya da zuciya ɗaya cewa ya fita, sai ƙarshen wata ya ga an cire. A takardar kamfanin, duk waɗannan mutane sunansu «abokan hulɗar da aka riƙe». Ma'aunin ba ya bambanta wanda ya canza ra'ayi da wanda ya gaji. Shi ya sa ba sai an samu mugu guda a ofis ba. In dai albashin ƙungiyar da yabonta sun rataya a kan rage masu fita, allon da kansa zai yi ta karkacewa, gwaji bayan gwaji.

Dabara ta biyu ita ce wadda ta kama ni a wayar tsohuwa, wato tilasta kira. Ka shiga ta allo, amma fita sai ka yi magana da mutum. Wani zai ce ai magana da mutum ta fi sauƙi. A kasuwa haka ne. A nan kuwa mutumin da za ka samu an horar da shi ne don ya hana ka tafiya. Tun 2005 kamfanin intanet na AOL ya biya dalar Amurka miliyon 1.25 a jihar New York, bayan bincike ya nuna cewa ladan ma'aikatansa ya danganta da yawan masu son fita da suka «ceto», har wasu ma'aikatan suna jin buƙatar sokewa su yi kamar ba su ji ba. Shekara 17 bayan haka, a Nuwamba 2022, kamfanin waya ta intanet na Vonage ya amince ya biya dalar Amurka miliyon 100. Abin da FTC ta zarge shi da shi, kamar a garinmu aka rubuta: shiga ta intanet, fita sai ta bakin ma'aikaci, lambar kiran tana da wuyar samu, an rage sa'o'in da layin ke aiki, a ce za a kira ka ba a kira ba, wasu ma sun soke aka ci gaba da cire musu.

Kira yana yi wa kamfani amfani ta hanyoyin da allo ba ya yi. Yana da lokacin buɗewa da rufewa, allo kuwa ba ya barci. Ba ya barin shaida a hannunka, in an ce «an gyara» ba ka da abin nunawa gobe. Sannan yana taɓa inda muka fi rauni, mu Hausawa musamman, wato kunya. An tarbiyyantar da mu kada mu ce wa mutum a'a sau uku a ido. Yarinya mai ladabi ta ce maka «Yallaɓai, me muka yi maka? Bari in ba ka wata guda kyauta», sai ka ji nauyi ka ce to. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Ita ma akwai allo a gabanta da ke ƙirga mutum nawa suka kuɓuce mata yau. In kun kira irin wannan layin kada ku zage ta, ba ita ta gina tarkon ba.

Kunyar nan an ma mayar da ita rubutu. Wannan ce dabara ta uku. Maimakon «e» da «a'a», sai a rubuta maɓallin ƙin yarda yadda danna shi zai zama kamar ka zagi kanka. A Amazon a da akwai wanda ke cewa No, I don't want Free Shipping, wato «a'a, ba na son a kawo mini kaya kyauta». Wa zai so ya furta haka? Kun sha ganin ƴan uwansa a manhajoji: hoton wata dabba tana hawaye don za ka tafi, ko «ka tabbata kana so ka watsar da duk ƙoƙarinka?» Allo ba ya kewar kowa, ƴan uwa. Wani ne ya zauna ya rubuta jimla biyar, aka gwada su a kan mutane, aka ɗauki wadda ta fi sa hannu ya tsaya.

A nan dole in yi adalci, don kada mu fita muna kiran kowane abu tarko. Tambaya ɗaya ta «ka tabbata?» ba laifi ba ce, tana kare wanda yatsansa ya zame. Gaya maka gaskiyar abin da zai faru, misali hotunanka za su goge bayan kwana kaza, wannan taimako ne. Neman ka tabbatar kai ne mai asusun, kafin wani ya rufe maka shi, shi ma daidai ne. Ko tayin ragi sau ɗaya ban ƙi ba, in maɓallin fita yana nan kusa da shi, girmansu ɗaya. Yadda nake rarrabewa shi ne in ajiye ƙofar shiga kusa da ƙofar fita in gwada su. Latsa nawa na yi na shiga, nawa ake nema in fita? Ta hanyar da na shigo, ta nan zan iya fita, ko an canza mini hanya? Maɓallin yana aikata abin da aka rubuta a kansa? Bayan na gama, an ba ni shaida a rubuce? In lokacin karɓar kuɗina ba su nemi katin ɗan ƙasa ba, amma lokacin dainawa sai na zo da shi ofis da ƙafata, to ba tsarona ake nema ba.

To me ya faru da Amazon? A Turai abin ya fara. A Janairu 2021 majalisar kare masu saye ta ƙasar Norwe ta fitar da rahoto a kan wannan hanyar sokewa ta kuma shigar da ƙorafi, ƙungiyoyi na wasu ƙasashe suka mara mata baya. Zuwa Yuli 2022 kamfanin ya amince da hukumar Tarayyar Turai cewa a can sokewa za ta koma latsa biyu. Ku dubi abin da wannan ke nunawa: sun iya tun farko. A Turai latsa biyu, a Amurka kuma aka bar mutane da doguwar hanya har cikin 2023. A Satumba 2025, ana ƴan kwanaki da fara shari'a a Seattle, Amazon ya sasanta a kan dalar Amurka miliyar 2.5, miliyar 1 tara, miliyar 1.5 a mayar wa mutane. Bai amsa laifi ba, amma an wajabta masa sauƙaƙa fita, da cire irin wancan maɓallin na kunyatarwa.

Wasu ƙasashe ba su jira shari'a ɗaya-ɗaya ba. Jamus tun 1 ga Yuli 2022 ta wajabta maɓallin sokewa a fili ga kwangilolin da ake iya ƙullawa ta intanet, kuma abin da ya burge ni shi ne hukuncin: in kamfani bai sa maɓallin ba, mai saye yana da ikon fita ko yaushe, ba tare da jiran wa'adi ba. Faransa ta bi sahu a 1 ga Yuni 2023 da abin da suke kira sokewa cikin latsa uku. Amma kada ku ɗauka hanyar a miƙe take. A Oktoba 2024 FTC ta kafa ƙa'ida ga Amurka duka, cewa fita ta zama da sauƙi daidai da shiga. A Yuli 2025, kwanaki kaɗan kafin ta fara aiki sosai, wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta, saboda hukumar ta tsallake wani mataki na nazarin tattalin arziki da doka ta tanada. Ƙungiyoyin kamfanoni ne suka kai ƙarar. Wato ko a can, maɓalli ɗaya sai an yi kokawa a kansa.

Mu dawo gida. Galibinmu ba mu da Prime, amma muna da kiredi, kuma kiredi ya fi katin banki sauƙin tsotsa, don babu takardar ƙarshen wata da za ka zauna ka duba. Masu katin biya ta intanet kuma, ɗalibai da masu harkar zane da bidiyo, ku kula da «gwaji kyauta na kwana bakwai». Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya goge manhaja daga wayarsa ya ɗauka ya soke. Gogewa ba ta tsayar da biya. A wayar Android sai ka buɗe Play Store, ka taɓa hotonka a sama, ka shiga Paiements et abonnements, sannan Abonnements, a nan za ka ga duk abin da ke cin kuɗinka ta wannan hanya. Ku duba yau da dare, wasunku za su sha mamaki. Ni yanzu in na karɓi gwaji kyauta ta nan, a ranar nake sokewa, kuma galibi kwanakin gwajin suna ci gaba har su cika. In kuwa ta shafin kamfanin kai tsaye ka biya, ba zai fito a wannan jerin ba, sai ka koma can.

In kira ya zama dole, ka shirya jimla ɗaya tun kafin a ɗauka: ina so a tsayar da abonma kaza a lamba kaza, yau. Kada ka ba da dalili. Duk dalilin da ka bayar akwai amsarsa a rubuce a gabansu: ka ce tsada, a ba ka ragi, ka ce ba ka amfani, a ce a dakatar na wata guda. Ka maimaita jimlarka cikin ladabi, ka nemi a turo maka saƙon tabbaci kafin ka ajiye, ka rubuta rana da sa'a. Washegari ka duba kiredinka kafin ka kira kowa. Da na yi haka a rana ta biyu, da ban je ofis hannu rabbana ba.

Amma tsohuwata ba za ta yi duk wannan ba, ba ta karanta Faransanci, kuma bai kamata sai mai digiri ne zai iya hana a ɗebe masa dala goma ba. Shi ya sa abin da nake so mu kai gaban ARCEP, hukumar da ke sa ido kan sadarwa a ƙasar nan, ba shi da yawa. Kada a sa kowa a abonma da latsa ɗaya, sai an sake tambayarsa an faɗi farashi. Duk saƙon da ke cewa an cire kuɗi ya ƙunshi yadda ake tsayarwa, a cikin saƙon kansa. A samu lamba guda, kyauta, iri ɗaya a duk kamfanoni, wadda za ta nuna maka duk abin da kake ciki ta kuma bar ka ka kashe shi nan take, da murya cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu ga wanda bai karatu. Wanda kuma aka cire masa bayan ya soke, a mayar masa ba sai ya roƙa ba.

Ba za mu je da «ana cewa» ba, don za a ce mana kuskuren mutum ɗaya ne. Mutanen Norwe da hotunan allo suka je, shafi bayan shafi. Don haka ga aikin wannan mako. Kowa ya karɓi wayar babba guda a gidansu, Inna ko Baba ko Kaka, da izininsu. Ku duba saƙonnin cirewa. In kun samu, ku ɗauki hoton allo, ku gwada tsayarwa, ku rubuta latsa nawa, minti nawa, kira nawa, da ko washegari an sake cirewa. Ku rufe lambar wayar a hoton kafin ku turo. Asabar mai zuwa za mu zauna a nan mu haɗa su a takarda ɗaya.

Na ga hannu biyu a can baya. Malama, bismillah, ke za ki fara.